Sanarwa: Babban taronmu na Asabar ya koma ƙarfe 2:00 na rana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu, yayyenmu, ƙannenmu da dukkan teloli maza da mata na wannan ƙungiya.

Babban taron da muka sanya ranar Asabar ɗin nan, 31 ga Janairu, 2026, ya tashi daga ƙarfe 9:00 na safe, ya koma ƘARFE 2:00 NA RANA, da an idar da sallar azahar. Ranar tana nan, wurin ma yana nan, wato zauren makarantar firamaren da muka saba haɗuwa a Fagge. Lokaci kaɗai aka sauya. Ba a soke taro ba, ba a ɗage shi zuwa wani mako ba. Duk wanda ya ce muku an ɗage, to bai ji maganar daidai ba, ku gyara masa.

Dalili kuwa shi ne, wannan Asabar ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano. Kowa ya san daga ƙarfe 7:00 zuwa 10:00 na safe ba a zirga-zirga, shaguna a rufe suke, kuma wanda aka tare a hanya ba tare da uzuri ba yana iya tsintar kansa gaban kotun tafi-da-gidanka ya biya tara. Ni na rubuta takardar gayyata da ƙarfe 9:00 a jikinta, ban lura da inda ranar ta faɗa ba, sai jiya da Hajiya shugabar mata ta kira ni ta tuna mini. Kuskurena ne, ina neman afuwarku. Ba zan so ko mutum ɗaya cikinmu ya fito da sassafe saboda takardar da na sa wa hannu, a tsare shi a titi ba.

Wasu za su ce me ya hana a sa 11:00. Mun tattauna wannan a zaman shugabanni na daren jiya. Da an saki hanya ƙarfe 10:00 gari yake cikewa, kowa ya fito lokaci guda, adaidaita sahu ta yi wuya. Mai tasowa daga Hotoro, Rijiyar Zaki, Sheka ko Naibawa zai iya kaiwa, amma mutanenmu na Bichi, Wudil da Gezawa sai sun taras an ci rabin magana. Kuma kafin a zauna sosai an kira azahar, taro ya rabe biyu. Iyayenmu mata su ma sun ce hantsi lokacin ɗora girki ne da sallamar yara. Shi ya sa muka tsaya a kan 2:00. Za a buɗe zaure tun 1:00 domin rubuta suna, wanda ya iso da wuri sai ya yi sallah a masallacin da ke kusa. Za mu tsaya mu yi la'asar tare, mu rufe taro ƙarfe 5:00 in Allah ya yarda, don na nesa su kama hanya da sauran rana.

An kuma kawo shawarar a kai shi wata Asabar ɗin, amma ba ta karɓu ba. Muna cikin Sha'aban, azumi saura kamar mako uku. Da zarar mutane sun fara kwaso shadda da atamfa daga Kantin Kwari suna jibge mana, babu telan da zai ɗaga ƙafa daga kan keke ya zo taro. In wannan Asabar ta wuce mu, sai bayan sallah, alhali abubuwan da za mu yanke kafin azumi ake buƙatarsu.

Na farkonsu zaɓe ne. Wa'adin shugabanni ya cika, kuma tsarin mulkinmu ya ce ba a zaɓe sai kashi biyu cikin uku na 'yan ƙungiya sun hallara. Mu 342 ne a rajista, ke nan sai mutum 228 sun zauna a zauren nan. In aka rasa ko da mutum biyar, duk wanda ya rufe shagonsa ya zo ya yi asarar yininsa. Sai maganar kuɗin ɗinkin sallah, wadda ta daɗe tana damun mu: zare ya tashi, man janareto ya tashi, masu surfani da masu bugu sun ƙara kuɗi, amma har yanzu wani yana karya farashi a kan maƙwabcinsa. Muna so mu fito da mafi ƙarancin kuɗin babbar riga, kaftani, riga da siket da kayan yara, wanda kowa zai tsaya a kai. Daga nan Alhaji ma'aji zai karanta lissafin asusun taimakon juna, abin da ya shigo da abin da aka fitar wa marasa lafiya da iyalan waɗanda Allah ya yi wa rasuwa. Kowa ya zo da katinsa, da shi za a karɓi takardar ƙuri'a. Mai bashin kuɗin wata zai iya biya a ƙofa.

Yanzu ga roƙon da ya fi damuna. Bara da muka sauya lokacin wani zama, a waya kawai muka sanar. Da na iso sai na tarar da wani dattijo cikin iyayen ƙungiya zaune a kan benci a bakin ƙofar makarantar, katinsa a hannu, tun safe yake wurin. Ƙaramar waya gare shi, saƙon bai isa gare shi ba, kuma babu wanda ya tuna ya kira shi. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Ɗana, da kun aiko yaro.” Wasu da suka zo tare da shi sun gaji sun tafi. Har yau abin yana raina, kuma wannan karon ma takardun da muka manna a shaguna 9:00 suke nunawa.

Saboda haka wakilan unguwanni, don Allah kowa ya ɗauki jerin sunayen mutanensa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya WhatsApp a kira shi, wanda wayarsa ba ta shiga a taka a same shi a shago ko a gida. Inda aka manna tsohuwar takarda a cire ta, ko a soke 9:00 da biro a rubuta 2:00 da manyan baƙi. Hajiya shugabar mata za ta saki saƙon murya yau da daddare saboda masu ɗinki a cikin gida da waɗanda karatun boko ke yi wa wuya. Iyayen gida, ku faɗa wa yaran shagonku masu kati. Wakilai su kawo mini rahoton wanda aka samu da wanda ba a samu ba kafin magaribar Alhamis, mu yi amfani da Juma'a wajen neman ragowar.

Wanda ya karanta wannan a zauren WhatsApp ya rubuta sunansa da unguwarsa da “na gani”, shi ke nan. A dakata da turo hotuna, tallan kaya da gaisuwar safiya har zuwa Asabar, kada su binne sanarwar. Zan sake turo ta safiyar Juma'a da safiyar Asabar. Mai tambaya ko mai uzurin rashin zuwa ya kira lambar da ke bayan katinsa, ni zan ɗauka.

Asabar, 31 ga Janairu, ƙarfe 2:00 na rana, a zauren da muka saba a Fagge. Da safe kowa ya zauna ya share ƙofar gidansa.

Allah ya kai mu lafiya, ya sa mu ga watan Ramadan da rai da imani.

Naku,
Sakataren ƙungiya, a madadin Shugaba
Talata, 27 ga Janairu, 2026