Darasi na Bakwai: Tensar Inashiya da Manyan Layukan Juyawa

Takardar darasi ga ɗaliban kimiyyar fiziks 'yan aji uku, Jos

A ajin farko kun saba da rubuta L = Iω, inda I lamba ce guda ɗaya, kuma hakan ya wadatar muddin jiki yana juyawa a kan layi ɗaya da aka kafe. Abin da nake so ku riƙe a yau shi ne, idan ƙaƙƙarfan jiki, wato wanda tazarar da ke tsakanin sassansa ba ta canzawa, ya samu damar juyawa ta kowace fuska, momentom na juyawa L ba lallai ne ya fuskanci inda saurin juyawa ω ya fuskanta ba. Lamba ɗaya ba za ta iya karkatar da bekta ba, saboda haka dole I ta zama matiriks mai jeri uku da ginshiƙi uku, wadda muke kira tensar inashiya.

Idan muka tara gudummawar kowane ɗan yanki mai mas m da ke wuri r, muka fara daga L = Σ m r × (ω × r), za mu samu:

```
I_ij = Σ m (r² δ_ij − x_i x_j)
I_xx = Σ m (y² + z²)
I_xy = −Σ m x y
```

Tunda I_xy daidai take da I_yx, haka ma sauran, cikin lambobi 9 guda 6 ne kaɗai ke cin gashin kansu. Ukun da ke kan layin tsakiya kun san su tun da. Waɗanda ke gefe su ne baƙi, kuma su ne ke karkatar da L.

Ku ɗauki dunƙule mai tsawo, faɗi da kauri duk a, mai mas M, ku sa mafarin awo a kusurwarsa ɗaya, layukan x, y, z kuma su bi gefunansa. Lissafi zai ba ku (2/3)Ma² a kowane gurbi na tsakiya, da −(1/4)Ma² a kowane gurbi na gefe. Idan kuka juya shi a kan x, sai L = Ma²ω(2/3, −1/4, −1/4), wato ya kauce daga layin juyawar. Amma idan kuka juya shi a kan layin (1, 1, 1), wanda ya ratsa cikinsa zuwa kusurwar da ke can ƙetare, kowane jeri zai ba da 2/3 − 1/4 − 1/4 = 1/6, sai L ya kwanta a kan ω sak. Irin wannan layi shi ne babban layin juyawa.

Neman sa kuwa matsalar aigenbalu ce da kuka riga kuka gani a lissafi:

```
I ω = λ ω
det(I − λ 1) = 0
```

Da yake I_ij = I_ji kuma lambobin na haƙiƙa ne, amsoshin λ guda uku duk na haƙiƙa ne, kuma kullum ana iya zaɓen layuka uku masu kusurwar digiri 90 a tsakaninsu waɗanda a kansu gurbin gefe duk ke zama sifili. Wannan ya shafi kowane jiki, ko da dutse ne marar fasali irin na tsaunukan Shere, kuma a ganina babu sakamakon da ya fi shi ban mamaki a wannan kwas. Leonhard Euler ya gina nazarinsa na motsin ƙaƙƙarfan jiki a kansa a littafinsa na 1765. Ga dunƙulenmu, sauran amsoshin biyu duk (11/12)Ma² ne, don haka kowane layi da ya bi ta kusurwar kuma ya yi digiri 90 da (1, 1, 1) babban layi ne.

Duk wanda ya taɓa jin sitiyari yana karkarwa a hanyar Akwanga ya ɗanɗana wannan darasi da hannunsa. Idan gatarin taya bai dace da babban layinta ba, L yana kewaya gatarin, kuma canjin L yana buƙatar ƙarfin murɗawa, wanda boris ke bayarwa a kowane zagaye. Ƙananan ƙarafan da makaniki ke maƙalawa a bakin rim, ciki da waje, suna gyara cibiyar mas, suna kuma share I_xz da I_yz idan z ne gatarin.

Kafin darasin Laraba, kowa ya ɗaure littafi mai kauri da roba, ya cilla shi sama yana juyawa a kan kowanne daga layukansa uku, ya lura da wanda littafin ke ƙin tsayawa a kansa. Sannan, da I₁ = M(b² + c²)/12 da 'yan uwanta, inda b da c su ne awon gefunan littafin biyu da ba sa bin layin juyawar, ku lissafa manyan lambobin uku a cibiyar mas ga littafi mai kilo 1 da awon santimita 24, 16 da 4, ku nuna wacce ce ta tsakiya, domin daga nan za mu shiga lissafin Euler.