Kasafin Kuɗin Bincike Kan Gubar Aflatoksin a Gyaɗa, Kano da Jigawa

Tsawon aiki: wata 18. Abin da ake nema: naira 15,540,000.

Kayan aiki, naira 5,300,000. Za a auna samfurin gyaɗa 240, kowanne sau biyu, don gano yawan aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa. Akwatin gwajin ELISA, wanda ake auna gubar da shi, yana da gurbi 96, amma 12 suna tafiya wajen daidaita ma'auni, saboda haka samfuri 42 kaɗai yake ɗauka. Shida za su isa. Mun sa bakwai a kan naira 420,000 kowanne (2,940,000), domin da wuya a gama ba a maimaita wani gwaji ba. Firji mai aiki da hasken rana, 1,300,000. Muna roƙon kwamiti kada ya taɓa wannan layin: sinadaran suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, in wuta ta ɗauke kwana biyu a watan Afrilu sai su lalace, kuɗinsu kuwa ya ninka na firjin. Na'urar auna danshi biyu, 360,000. Injin niƙa, 250,000. Metanol da takardar tacewa da safar hannu, 450,000.

Aikin fili, naira 4,200,000. Fita uku ce, kwana shida-shida, zuwa kasuwannin Dawanau da Maigatari da ƙauyukan da ke kawo musu kaya: Nuwamba da kaka, Maris da gyaɗa ta kwana biyu a rumbu, sai Yuli da danshin damina ya shiga buhu, lokacin da fumfunar ke yaɗuwa. Hayar mota da mai, 90,000 a rana (1,620,000). Kuɗin kwana na mutum huɗu, 25,000 kowanne a rana (1,800,000). 'Yan jagora, 180,000. Gyaɗar saye za a yi, kilo ɗaya ga kowane samfuri a kan 2,500 (600,000), don in kyauta ce ɗan kasuwa zai zaɓo mai kyau ya bayar, sakamakon ya karkata. Tunda ba a ba da rasit a bakin buhu, mai sayarwa zai sa hannu ko ya dangwala a takardar biya.

Alawus na ɗalibai, naira 3,240,000. Ɗalibin digiri na uku, 100,000 a wata har wata 18. Biyu masu digiri na biyu, 60,000 kowanne na wata 12. Ta asusun bankinsu za a biya kai tsaye, ko ana hutu.

Wallafa, naira 2,060,000. Maƙala biyu a mujallun da kowa ke karantawa kyauta, 900,000 kowacce. Da dala ake biya, don haka farashin na iya motsawa. Sauran 260,000 na buga takardar faɗakarwa ce da boko da ajami, don manoma da mata masu ƙuliƙuli.

Kuɗin ko-ta-kwana, kashi 5 cikin 100 na 14,800,000, wato 740,000. Ba za a taɓa shi ba sai da rubutaccen izinin ofishin kula da bincike na jami'a.