Ana Neman Mai Kula da Sito a Dawanau

Mu ƙaramin kamfani ne mai sayar da riɗi da zoɓo a Kasuwar Dawanau, Kano. Muna neman mutum ɗaya da zai riƙe mana sito.

Aikin ba na zaman ofis ba ne. Za ka tsaya kan sikeli ana auna buhuna, ka duba danshi da ƙura, ka shigar da komai a littafi da Excel kafin mota ta tashi. Da kaka akan kai dare.

Albashi naira 120,000 a wata, Litinin zuwa Asabar, har da kuɗin abinci.

Sai wanda ya yi shekara 2 a sito, yana da mai tsaya masa. Takardar digiri ba ta dame mu ba. In ba ka jure ƙura, don Allah kada ka wahalar da kanka.

Kawo takardarka ofishinmu da kanka ranar Laraba da safe. Za mu gwada ka da lissafi nan take.