Amsa kan buƙatar tattaunawa

Malam,

Bayan gaisuwa, mun samu saƙonka na ranar Litinin inda kake neman tattaunawa kan dakatar da ma'aikatanmu biyu na sashen kuɗi. Muna ba da haƙuri, ba za mu iya ba a yanzu.

Kwamitin bincike bai gama zama ba, kuma waɗanda abin ya shafa ba su kai ga kare kansu ba. Duk kalmar da ta fito daga bakinmu yau za a ɗauke ta hukunci, alhali dakatarwa ba kora ba ce. Ko sharaɗin sakaya suna da ka kawo bai warware matsalar ba, domin sashen mutum 6 ne kacal.

Abin da za ka iya bugawa: ana bincike, kamfani bai yanke hukunci ba. Sauran tambayoyi a turo wa ofishinmu a rubuce.

Na gode,
Jami'ar hulɗa da jama'a