Madarar Da Ta Ƙi Yin Barci

Tun kafin ladanin masallacin layinsu ya yi kiran farko Haruna ya farka, in ma za a ce ya yi barci. Sanyin Disamba na Jos ya cika ɗakin, irin wanda ke bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kama yatsun ƙafa. Ya kunna fitilar wayarsa, ya tsuguna gaban babban bokitin robar da ke kusurwa, ya ɗaga murfin a karo na biyar tun daren jiya. Ya tsoma ludayi ya ɗago. Ruwa ne tsululu, yadda ya zuba shi haka ya tarar da shi, sai ɗan kumfa da ya taru a gefe.

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya jingina da bango.

Naira 85,000 ya tara daga alawus ɗinsa na bautar ƙasa, yana hana cikinsa. Da su ya je kasuwar Taminus ya sayo madarar gari kilo 5 da sukari da ƙananan robobi 100, har ya sa aka buga masa takardun mannawa masu ɗauke da sunansa da hoton saniya. Takardun nan sun fi komai faranta masa rai. Ya riga ya yi wa Malam Sabo mai shagon bakin titi alkawarin roba 40 bayan an sauko Juma'a, Hajiya Binta ta gidan bayansu kuma ta ce ya kawo mata 50 ran Lahadi, sunan jikarta. Duk Unguwar Rogo, wanda ya san Haruna ya san zai fara yogot.

Ya ce wa ransa ƙila lokaci ne bai yi ba. Ya mayar da murfin. Da hantsi ya sake buɗewa ya juya. Da aka sauko daga masallaci ya bi ta lungu don kada ya gifta ta gaban shagon Malam Sabo. Kafin la'asar wani bashi-bashi ya fara tashi daga bokitin, ba irin tsamin nan mai sa yawu ya tsinke ba.

Abokinsa Bashir ne ya fara shigowa. Ya leƙa, ya yatsine fuska, sannan ya yi dariya.

“Kai ma da sanyin jiki kake. Ka dama sitaci ka zuba, ya yi kauri. Ka antaya masa sukari da filebo, ka jefa a firij ya yi ƙanƙara. Wa zai gane?”

Haruna bai amsa ba, amma bai ce a'a ba. Yana tsaye yana lissafin kuɗin sitaci a zuci sai ya ji sallamar Gwaggo Ladi a tsakar gida. Ƙanwar mahaifinsa ce, duk Juma'a takan zo daga Gangare ta gaida yayanta. Ba ta taɓa kiran sunan Haruna ba, domin sunan mahaifinsu ya ci.

“Ina Babana? An ce mini yau za mu sha na masu kamfani.”

Ya fito yana sosa ƙeya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi sau ɗaya ta ajiye jakarta.

“Mu je in gani.”

Bashir ya zame ya fice. Gwaggo ta shiga ɗakin, ba ta ko taɓa bokitin ba tukuna. Ta cire takalmi ta taka simintin da tafin ƙafarta, ta ɗan ɗage ƙafar.

“A nan ya kwana?”

“A nan, Gwaggo.”

“Ba bargo, ba buhu, ba ko kwali a ƙarƙashinsa? Kai in aka shimfiɗe ka a kan simintin nan cikin hunturu, za ka yi barci?”

Sai ta buɗe murfin, ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce ya faɗa mata yadda ya yi tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya ce ya tafasa ruwa a babbar tukunyar gidan, ya dama madarar, ya zuba sukari, sannan ya kawo irin ya juye.

“Da ka juye irin, madarar tana tururi?”

“Tana yi. Na ga dare na yi, ga shi an ɗauke wuta.”

“Ina irin da ka sa?”

Ya miƙo mata robar yogot ɗin da ya sayo a wani shago. Ta juya ta a hannu.

“Daga firij aka ɗauko maka?”

“A kan kantar shagon take.”

“Sau nawa ka buɗe shi cikin dare?”

Ya yi shiru. Ta gyaɗa kai, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna.

“Babana, abin da ke mayar da madara nono rai gare shi, ko da ido ba ya ganinsa. Kai da ka yi boko ka fi ni sanin sunansa. Ka sayo wanda ƙila ya daɗe da mutuwa a kan kanta. In ma da sauran numfashinsa, ka jefa shi a ruwan zafi ka ƙarasa shi. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana kuma ka kwantar da shi a kan ƙanƙara, kana tashinsa da ludayi duk bayan awa. To ta ina zai yi maka aiki?”

Haruna ya ji kunya ta rufe shi, domin ya tuna a bidiyon da ya kalla an faɗi maganar zafin. An ce a kai madara wajen digiri 85, a bar ta ta huce zuwa 43 ko 45 kafin a sa iri. Ya ja wurin ya wuce da yatsa, hankalinsa na kan ribar roba 100.

“Bashir ya ce in sa sitaci,” ya faɗa a hankali, kamar mai neman a hana shi.

Fuskar Gwaggo ta canza.

“Madarar da ta kusa kwana da yini a waje ba ta yi tsami ba, ka san abin da ya shiga cikinta? Gidan suna za ka kai. Yara ne za su fara wawaso, da mai jego. Ɗauki bokitin nan mu je bayan gida.”

Shi ya riƙe hannun bokitin, ita ta tallafa gindin. Fiye da lita 35 na madara suka bi makwarara, fari fat, har kajin gidan suka taso. Haruna ya juya fuska. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ba ta kuma ce kada ya yi kuka ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta miƙa masa buta ya wanke ido.

Da suka dawo inuwa ta ce, “Lokacin da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 kana goye. Atamfofina kaf a ciki suke, har da na bashi. Na yi wata biyu ba na son haɗa ido da waɗanda ke bina. Da ciwon ɓuya ya ishe ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu halin da nake ciki. Mutum biyu suka zage ni. Sauran suka ɗaga mini ƙafa, ɗaya ma ita ta ba ni kuɗin ƙwaryar da na fara fura da nono. Yanzu tashi ka je wurin Malam Sabo. Daga nan ka shiga wurin Hajiya Binta tun tana da kwana biyu a hannu, ta nemi wani abin ta ba baƙinta.”

Tafiyar nan ta fi zubar da madarar wuya. Malam Sabo ya saurare shi yana auna wa wata yarinya sukari, ya ce, “Ai da na ga ba ka biyo ta nan ba na san da magana. In ya yi ka kawo in ɗanɗana tukuna.” Hajiya Binta kuwa ta yi faɗa sosai, ta ce ta riga ta gaya wa mutane. Ya tsaya kansa a ƙasa har ta sauke, ta ce to za ta sa a yi zoɓo.

A hanyar dawowa ya tsaya ya sayi madara ta awo, gwargwadon abin da ya rage a aljihunsa, da ƙaramar robar yogot marar sukari daga cikin firij, wadda ya duba kwanan watanta sau biyu kamar yadda Gwaggo ta ce. Ta gaya masa kindirmo da yogot 'yan'uwa ne amma ba ɗaya ba, in yogot yake so ya fito, da yogot mai rai zai kama shi.

Ranar ba ta koma Gangare ba. Bayan isha'i ta sa shi ya ɗauraye tukunya da kwano da cokali da tafasasshen ruwa. Lita 1 kacal suka haɗa.

“Lita 1, Gwaggo? Wa zan sayar wa?”

“Ba wanda za ka sayar wa. Koyo za ka yi.”

Ya ɗora madarar yana juyawa don kada ta kama, har ta fara ƙananan ƙwai a gefen tukunya, ya sauke. Ya kai hannu ga sukari ta buge hannun, ta ce sukari sai ya gama barci ya yi sanyi. Suka zauna jira. Jiran nan shi ne abin da bai yi ba jiya. Can ta sa ya wanke hannu da sabulu, ta ce ya tsoma ɗan ƙaramin yatsansa ya ƙirga goma. Ya kai huɗu ya fizge. Suka ƙara jira. A karo na uku ya kai goma, ɗumin na ratsa shi amma ba ya ƙuna.

“Riƙe wannan ɗumin a kanka. In ka samu kuɗi ka sayi ma'aunin zafi, tunda kai da yawa za ka riƙa yi, yatsa ba zai ɗauke ka ba.”

Ya zuba iri cokali 2, ya juya a hankali. Suka rufe kwanon, suka sa shi a cikin kular abinci tare da gorar ruwan ɗumi, suka naɗe kular da tsohon bargon Baba, suka ɗora a kan benci. Gwaggo ta ja bencin zuwa ɗakin da za ta kwana.

“Na san halinka,” ta ce, ta rufe ƙofa.

Da asuba, bayan ya dawo daga masallaci, ya tarar ta fito da kwanon tana zaune a kan darduma. Ta yi masa nuni da haɓa. Ya buɗe. Yogot ya kwanta lub, samansa sumul kamar an goge, ɗan ruwa rawaya-rawaya ya taru a gefe ɗaya. Ya karkata kwanon, bai zubo ba. Ya yanka da cokali, gurbin cokalin ya tsaya yadda yake.

Ya miƙa mata. Ta ɗanɗana ta juya shi a baki.

“Ya yi. Tsaminsa bai gama fitowa ba, gobe ka ƙara masa awa ɗaya. Ka ɗebi cokali 2 ka ajiye a firij, shi ne irinka na yau da dare. Ka samu littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka sa da lokacin da ka buɗe. In ka yi kwana bakwai a jere yana fitowa iri ɗaya, ka koma lita 5.”

“Takardun mannawar fa?”

“Ba sa ruɓewa.”

Ya ware nasa irin, ya zuba saura a kofi mai murfi. Gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe duwatsun Naraguta, amma ya san Malam Sabo na buɗe shago da wuri saboda masu sayen burodi. Ya zura rigar sanyi, ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya bi ta bakin titi.