Takardar Bayani ga Iyayen Safiya: Auna Farasitamol na Ruwa da Ba Da Shi da Sirinji

An auna Safiya yau da safe, nauyinta kilogiram 12, tana da shekara biyu da wata uku. Da wannan nauyin muka yi lissafin maganin zazzaɓinta, domin yara biyu masu shekaru ɗaya kan bambanta da kilogiram uku ko huɗu, kuma gwargwadon nauyi ne jiki yake iya ɗaukar magani.

Ana ba yaro farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilogiram na nauyinsa a sha ɗaya. Likita ya rubuta mata 15, saboda haka 12 sau 15 ya ba da miligiram 180. Sai dai sirinji yawan ruwa yake aunawa da mililita, don haka dole a dubi ƙarfin maganin da ke jikin kwalba. Kwalbar da aka ba ku an rubuta mata 120 mg/5 ml, wato kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 24. Idan aka raba 180 da 24 za a sami mililita 7.5, wannan shi ne abin da za ta sha a kowane lokaci.

A nan ne nake roƙonku ku fi mai da hankali. Farasitamol na yara yana zuwa da ƙarfi iri-iri, alhali kwalaben sukan yi kama da juna. Akwai mai 250 mg/5 ml, wanda miligiram 180 a cikinsa mililita 3.6 ne kacal, kuma wanda ya ɗebi mililita 7.5 daga irinsa ya ba yarinya miligiram 375, fiye da ninki biyu na abin da ya dace. Duk ranar da kuka canza kwalba, ko da sunan maganin bai canza ba, ku karanta ƙarfinsa, ku sa mai harhaɗa magunguna ya sake muku lissafi. Haka ma idan nauyinta ya ƙaru.

Tsakanin sha da sha kada ya gaza awa huɗu, kuma kada a wuce sau huɗu cikin awa 24. Ku rubuta lokacin kowane sha a takarda ku ajiye ta kusa da kwalbar, domin da dare sau da yawa uwa takan bayar, uba ya farka ya ƙara bai sani ba. Ku duba sauran magungunan da ke hannunku, musamman na mura, tunda wasunsu suna da farasitamol a ciki. Yawansa hanta yake yi wa lahani, kuma a ranar farko yaro zai iya ci gaba da wasansa kamar babu komai, shi ya sa idan kun yi zargin an wuce ƙima ku kai ta asibiti nan take tare da kwalbar, kada ku jira alama.

Sirinjin da aka ba ku na baki ne, mai mililita 10, ba a sa masa allura. Cokalin gida kuwa ba ma'auni ba ne, girmansa bai da tabbas. Ku wanke hannu, ku jijjiga kwalbar sosai, ku cire murfin bakin sirinjin idan yana da shi ku ajiye nesa da Safiya don kada ta haɗiye. Ku tura sandar sirinjin har ƙarshe, ku sa bakin sirinjin cikin matoshin roba na kwalbar, ku kifa ta, sannan ku ja a hankali. Idan kumfar iska ta shiga, ku mayar da maganin ku sake ja. Ku ɗaga sirinjin daidai idonku a wuri mai haske, ku tabbata gefen sandar da ke taɓa maganin ya tsaya a kan layin 7.5, tsakanin 7 da 8.

Ku zaunar da Safiya a miƙe a cinyarku, kada a ba ta tana kwance ko tana cikin barci. Ku sa bakin sirinjin ta gefe yana fuskantar cikin kumatunta, ku tura kaɗan kaɗan, kuna dakatawa har ta haɗiye kafin ku ƙara. Kada a fesa shi kai tsaye zuwa maƙogwaro, kuma kada a toshe mata hanci, domin tana iya ƙwarewa maganin ya bi hanyar numfashi. Idan ta tofar ko ta yi amai, ba ku san nawa ya shiga ba, don haka ku tuntuɓe mu kafin ku sake ba ta.

Bayan an gama, a zare sandar, a wanke sassan biyu da ruwan ɗumi da sabulu, a bar su su bushe, kuma idan layukan awon sun fara gogewa a karɓi sabon sirinji. Kwalbar a rufe ta da kyau a sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ku dawo da Safiya ba tare da jinkiri ba idan zazzaɓin ya kai kwana uku, ko ta ƙi shan ruwa, ko numfashinta ya yi wuya, ko ta yi jijjiga, ko kuka ga tana barcin da yake da wuya a tashe ta.