Rage Haraji Yana Iya Ƙara Kuɗin Shiga, Amma da Sharaɗi

Tambayar da ke gabanmu ita ce ko gwamnati za ta iya rage kason haraji, kuɗin da ke shiga baitulmali kuma su ƙaru. Matsayina shi ne tana iyawa, amma a yanayi guda kawai: idan harajin ya yi tsananin da mutane suka fara gudu, kuma suna da hanyar gudun.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1377 Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa mai yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi, abin da ake tarawa ya ragu. A 1974 masanin tattalin arziki Arthur Laffer ya zana wa wasu jami'an gwamnatin Amurka wannan tunani a wani gidan abinci a Washington. Idan haraji sifili ne, gwamnati ba ta samun komai. Idan ɗari bisa ɗari ne, nan ma ba ta samun komai, don ba wanda zai yi noma a kwashe masa hatsin duka. Ke nan akwai wani mataki a tsakani da in an wuce shi, ƙari ya zama asara.

Mu ma mun ga wannan da idonmu. A 2013 Najeriya ta kai harajin shigo da shinkafa kashi 110 cikin ɗari. Jiragen da ke sauke kaya a Legas suka koma Kwatano, shinkafar ta biyo ta ƙasa. Duk wanda ya zauna kusa da iyaka, irin su Jibiya ko Illela, ya san yadda babur ke ɗaukar buhu uku ko huɗu, ya kashe fitila, ya ratsa gonaki cikin dare. Shinkafar ta isa kasuwa, an dafa an ci, amma baitulmalin Najeriya bai ga kuɗinta ba, Jamhuriyar Benin ce ta karɓi nata kason. A 2014 dole aka sassauta. A irin wannan hali, ɗan kasuwa yana auna kuɗin kwastan da kuɗin fasa-ƙwauri, ya bi mai sauƙi. Ka sauke harajin ƙasa da wahalar daji, zai dawo ta ƙofa da kansa.

Rasha ma a 2001 ta mayar da harajin kuɗin shigar mutane kashi 13 ga kowa, abin da ake tarawa kuma ya ƙaru. Sai dai a lokacin tattalin arzikin ƙasar yana bunƙasa, an kuma tsaurara karɓa, don haka ba za a jingina wa ragin nasarar duka ba.

Inda nake rabuwa da masu cewa kowane ragi yana biyan kansa shi ne wajen lissafi. A ce kana karɓar naira 20 a kowace ɗari, ka mayar da ita 15. Kafin ka dawo inda kake, sai dukiyar da ake biya wa harajin ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Ina za ta fito? Malamin makaranta da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa ba ya ɓoye komai, balle ragi ya sa ya fito da shi. Shi kam zai ji daɗi, kuma ya cancanta, amma baitulmali ya yi rashi.

Amurka ta gwada. Reagan ya sauke kaso mafi girma daga 70 zuwa 50 a dokar 1981, amma a 1982 shi da kansa ya sa hannu a dokar ƙara haraji, bashin ƙasar kuma ya kusan ninkawa sau uku a zamaninsa. Jihar Kansas ta yi babban ragi a 2012 bisa alƙawarin cewa kasuwanci zai haɓaka ya cike giɓin. Giɓin bai cike ba, kuɗin makarantu da hanyoyi suka taɓu, har a 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyar gwamnan ke da rinjaye a cikinta, ta soke yawancin ragin duk da ƙin amincewarsa.

Wannan ne ke damuna idan na ji ɗan siyasa yana alƙawarin rage haraji da ƙarin asibitoci a numfashi ɗaya. Abin da za a tambaye shi shi ne wane haraji, kuma su wa ke guje masa yanzu. In ya nuna mana buhunan da ke ratsa daji, muna tare da shi. In kuwa harajin kayan masarufi na kashi 7.5 yake nufi, to ya rage don sauƙaƙa wa talaka, amma ya faɗa mana aikin da za a fasa a kasafin bana.